Mai jirgin fito da hadarin gabas

Tambaya: Malam, ina rubuta gajeren labari a kan wani mai jirgi a babban kogi, wanda yake duban sama ya gane hadari na tafe kafin kowa ya farga. Ni a cikin birni na tashi, ban taɓa yin fito ba. Me yake gani, kuma me yake yi, don kada masu zama bakin ruwa su karanta su ce ban san abin da nake faɗa ba?

Malama, fara da zaɓen ruwan, domin kowane ruwa da halinsa. Ni dai wanda na sani shi ne Kwara daga Yawuri zuwa ƙasa, inda kogin ya buɗe ya zama tafkin Kainji tun da aka gama madatsar a 1968. A can na tashi, kawuna kuma ya yi shekaru yana fito kafin idonsa ya raunana. Tafkin ya haura kilomita 130 a tsawo, kuma a inda ya fi faɗi ya wuce kilomita 20, har mutum yakan tsaya a wannan gaɓa ya kasa hango waccan. Gabas ƙasar Yawuri da Ngaski ce, yamma ƙasar Borgu. Akwai Gungawa, mutanen tsibirai na asali, akwai Sarkawa da kamun kifi ya kawo su. Idan kika ajiye labarinki a nan, kin sami faɗin da zai sa tsoro ya zama na gaske, domin a kogi mai faɗin jifa ɗaya babu wani lissafi, da hadari ya taso sai a tsallake.

Sai lokaci. Kuskuren da na fi gani a rubutun waɗanda ba su zauna bakin ruwa ba shi ne sa mugun hadari a tsakiyar Agusta. Agusta watan marka ne, gari yakan wuni a lulluɓe, ruwa na zuba a hankali, iskar ba ta cika yin hauka ba. Hadarin da ke kifar da jirgi na farkon damina ne, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, sai kuma na ƙarshenta, wajen Satumba da Oktoba, wanda ake kira hadarin kaka, mai yawan iska da ƙarancin ruwa. Ni da zan zaɓa, Mayu zan ɗauka ko farkon Yuni. Ƙasa ta gasu, shamuwa ta dawo, kuma ruwan tafkin yana ja baya a wannan lokaci, don haka kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun ranar da aka tare kogin suna matsowa kusa da fuskar ruwa. Wasu sun fito fili, wasu suna ƙasa da taƙi ɗaya, ba a ganinsu sai jirgi ya hau. Wannan zai yi miki amfani nan gaba. Sa'ar kuma daga la'asar ce zuwa dare, bayan rana ta gama dafa ƙasa.

Abu na gaba kada ki kuskure shi ko kaɗan: daga gabas yake zuwa, ko gabas maso arewa. A damina iskar da ke kaɗawa a ƙasa daga kudu maso yamma take, mai laima, daga teku. Amma iskar da ke can sama, wadda ke tura manyan gizagizai, daga gabas take busowa. Shi ya sa hadari yake tahowa yana fuskantar iskar da mutum ke ji a jikinsa, kuma shi ya sa baƙo yake ruɗewa, ya ce ai iska can take kora shi. Mai jirginki idan ya ga baƙin hadari a yamma ba zai ko ɗaga kai sau biyu ba, ya san wannan ya riga ya wuce, na mutanen gaba ne. Walƙiyar da ake gani can nesa a yamma da dare, babu ƙara, ita ma ba tasa ba ce. Gabas yake kallo, kuma tun hantsi yake kallonta.

Alamun ba sa zuwa gaba ɗaya, suna da jeri, kuma wannan jerin shi ne ƙashin bayan labarinki. Da safe zufa ce mai danƙo, wadda ko a inuwa riga tana manne wa baya. Wajen azahar fararen gizagizai sun fara taruwa a gabas kamar tulin auduga. Yawancinsu ba komai ba ne, sukan tashi su watse. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya ci gaba da hawa har kansa ya daina zama dunƙule, ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera, gefensa ya yi laushi kamar an taje shi. Wannan ya kai can inda sanyi ke daskarar da ruwa, ya zama hadari cikakke. Kawuna yakan tsaya wuri ɗaya a bakin gaɓa ya daidaita gefen girgijen da wata giginya. Ya je ya yi wani aiki, ya dawo daidai inda ya tsaya. Idan girgijen ya zame ya bar giginyar ta kudu ko ta arewa, to zai bi ta gefe. Idan yana nan bisa giginyar, sai dai ƙara tsawo da faɗi da ya yi, to kansu ya nufo. Wani lokaci kuma ba girgije ɗaya ba ne, layi ne da ya tare gabas tun daga arewa har kudu, tsawon ɗaruruwan kilomita. Irin wannan babu zancen kauce masa.

Daga nan sai alamar da na fi so ki ba wa wuri a labarin, wato ɗaukewar iska. Iskar yamma da ta wuni tana kaɗawa sai ta yi rauni, ta tsaya cak. Ruwa ya kwanta kamar an zuba mai, hayaƙin masu bandar kifi ya miƙe sama sak, ana jin maganar mutane daga wani jirgi mai nisa. Fasinja yana ganin wannan sai ya ce Alhamdu lillahi, ruwa ya yi lafiya. Mai jirgi kuwa a nan cikinsa yake ɗurar ruwa. Kin ga abu ɗaya, mutum biyu, fahimta biyu, kuma ba ki buƙatar ki yi wa mai karatu wani bayani.

Bayan wannan abubuwa suna sauri. Gindin hadarin yakan fito da wani baƙin leɓe mai lanƙwasa kamar baka, ƙasa-ƙasa, yana birgima. A ƙarƙashinsa, idan farkon damina ne kuma ƙasa ba ta jiƙa ba, za a ga ja-ja, ƙura ce iska ta kwaso daga gonaki. Bayan jan kuma akwai labule mai ruwan toka, shi ne ruwan. Itatuwan gaɓar gabas sukan ɓace ɗaya bayan ɗaya. Sai wani baƙin zare ya bayyana a kan ruwa can nesa, daga wannan gefe zuwa wancan, da ɗigo-ɗigon fari a bayansa. Wannan zaren ita ce iskar kanta tana taka ruwa. Sai sanyi ya bugi fuska, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wanda bai gama shiri ba kafin ya ji wannan sanyin, ya makara. Ki lura, iska ce ke riga ruwan sama isowa, da 'yan mintoci, kuma ita ce mai kisa. Sanyinta kuwa daga ruwan da ke zubowa cikin hadarin ne, yana janyo iskar sama ta faɗo ƙasa ta bazu a gabansa.

Game da tsuntsaye, ki yi amfani da su kaɗan. Gaskiya ne tsattsewa takan yi ƙasa-ƙasa, balbela takan nufi makwanci da wuri, amma ban taɓa ganin mai jirgin da ya dogara da su ya yanke shawara ba. Marubuta suna son su ne saboda suna da daɗin rubutawa. Haka nan kada ki mai da mutumin boka. Sarkawa suna da sirrinsu na ruwa, ana faɗa, kuma za ki iya barin fasinjoji su yi ta raɗe-raɗin cewa yana da wani abu. Amma ke marubuciya ki san cewa abin da yake da shi shekara talatin ce ta kallon gabas, da gawawwakin da ya taya tsamowa.

Yanzu ga inda labarin yake a ganina. Ganin hadari ba gwaninta ba ce, ko yaro ya ga gabas ta yi baƙi ya san za a yi ruwa. Gwanintar ita ce sanin minti nawa ya rage, da inda jirgi zai iya kaiwa cikin waɗannan mintoci, da ƙarfin halin yin abin da duk jirgin zai ce hauka ne. Bari mu yi lissafin tare da misali ɗaya, ke kuma ki ɓoye shi a ƙarƙashin labarin.

Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Idan aka ga walƙiya aka ƙirga 45 kafin a ji cida, hadarin yana nisan kilomita 15, kuma da wuya a ji tsawar da ta fi wannan nisa sosai. Irin wannan hadari yakan yi gudun kilomita 50 a awa, wani ma ya fi. Ke nan daga cidar farko zuwa saukar ruwa minti 18 ne, ita kuwa iska da ke gaba za ta cinye wasu daga ciki. Mu ce jirgin katako ne mai inji, ya ɗauko mutum talatin da buhunan shinkafa shanshera daga wata kasuwa a gaɓar yamma, zai koma gida gabas. Da irin wannan lodi mu ba shi kilomita 10 a awa, wato minti shida kowace kilomita. Faɗin mashigin kilomita tara. Ya ci huɗu, saura biyar, kuma akwai wani gungu, wato tsibiri, kilomita biyu a gabansa, ɗan arewa da hanya. A nan aka ji cidar farko.

Gida minti 30 ne, babu shi a lissafi. Komawa baya minti 24 ne, kuma shi ne abin da kowa a jirgin zai yi ta ihu a yi, domin hankali yana cewa a guje wa baƙin abu. To amma hadarin ya ninka jirgin gudu sau biyar. Iskar da ke gabansa za ta cim musu saura kilomita guda ko fiye su kai gaɓa, kuma a mafi munin wuri. Dalili shi ne igiyar ruwa tana girma ne gwargwadon filin da iska ta samu tana tura ta. Iskar gabas idan ta baro gaɓar gabas, a nan kusa ruwan bai tashi ba tukuna. Kafin ta ratsa kilomita takwas ko tara ta isa yamma, ta tara igiyoyi masu tsayi, gajeru, masu bin juna kusa-kusa, kuma a can suke fashewa a kan ruwa marar zurfi mai cike da kututture. Jirgin da ya juya baya, igiya tana dukansa ta gindi inda injin ya riga ya danne shi, tana shiga, tana kuma karkatar da shi ya ba ta gefe. Da ya ba ta gefe an gama. Saura gungu, minti 12. Zuwa gungun yana nufin a tunkari hadarin ido da ido, a kuma rage wa kai lokaci, tunda ana tafiya ana haɗuwa. Amma bayan gungun, ta gefensa na yamma, akwai ruwan da tudu da itatuwa suka kare, kamar yadda mutum ke fakewa bayan katanga. Zai isa can daidai da isowar iskar, ko ta riga shi da minti ɗaya. Wannan minti ɗayan shi ne labarinki.

Shi ba zai ce kilomita ko daƙiƙa ba. Kawuna da istigfari yake awo: daga walƙiya ya fara ja a zuci, inda cida ta same shi ya tsaya. Walƙiya ta gaba ya sake. Idan adadin yana raguwa da sauri, ya san gudun abin. Nisa kuma da wurare yake auna shi, daga kututturen da tsuntsaye masu cin kifi ke sauka zuwa bakin gungu, tafiyar da ya yi sau dubu.

Akwai tambayar da mai karatu mai hankali zai yi miki: in har ya iya duban sama haka, me ya fito da shi tun farko? Kada ki gudu daga wannan tambaya, a cikinta mutumin yake. Ya ga uwar maƙerar tun azahar. Ya ce a tashi yanzu ko a kwana. Amma ranar kasuwa ce, jirgin ba nasa ba ne, akwai kuɗin da zai kai wa mai shi da yamma, ga matan da suka bar yara a gida, ga wani Alhaji da ya ce a jira shi ya ƙarasa ciniki, zai biya kuɗin ɗaukar buhu goma da babur ɗinsa. Ya jira. Minti ashirin ɗin da ya sayar su ne suka rasa a tsakiyar ruwa, buhu goman kuma su suka mai da bakin jirgin saura taƙi ɗaya ya sha ruwa. Haka abin yake faruwa a gaske. Yawancin jiragen da ke nutsewa a wannan ruwa, lodi da tsufan katako da tafiyar dare sun riga sun yi rabin aikin kafin iska ta zo. Idan kika ba shi wannan laifin, ya zama mutum, kuma duk abin da ya yi daga baya yana yi ne da sanin cewa da hannunsa a ciki.

Abin da ake yi a cikin jirgin kuwa, ga shi yadda na gani. Farko a sauke tampol ko duk wata rumfa, domin iska tana kama ta ta kwantar da jirgi. Fasinjoji za su ƙi, tunda ruwa za a yi, su a ganinsu yanzu ne ma ake buƙatarta. Kowa ya sauka daga kan buhu da kan allon zama ya zauna a cikin jirgin, a tsakiya, nauyi ya yi ƙasa. Babu mai miƙewa. Jirage da yawa ba igiya ce ta kifar da su ba, mutane ne suka ga ruwa ya shigo ta dama suka ruga hagu gaba ɗaya. Yaron jirgi da duk wani mai ƙarfi su kama yasar ruwa da yankakkiyar jarka tun kafin ya taru, domin ruwan da ke kwance cikin jirgi yana gudu zuwa duk gefen da aka karkata ya ƙara danne shi. Idan akwai rigunan ceto, yanzu ake ɗaurawa, yara da mata tukuna, kuma sau da yawa ba su kai yawan mutanen ba. Gwangwalar tuƙi a kwantar da ita, ba a ɗaga dogon abu sama ana walƙiya. Shi kuma yana baya riƙe da hannun inji. Ba ya ba igiya gefe, ba ya kuma sokarta kai tsaye da gudu, yana karɓarta da kafaɗar jirgin, ɗan karkace. Yana rage wuta idan goshin ya hau, ya ƙara idan ya sauka. Ba ya kashe inji, domin jirgin da ba ya tafiya ba ya jin tuƙi, iska za ta juya shi yadda ta so. Babban abin da yake tsoro shi ne injin ya mutu da kansa, ko ruwa ya shiga mai, ko farfela ta naɗo tsohuwar koma. Idan bakin jirgi ya fara sha, sai kaya su tafi, mafi nauyi da mafi tsayi tukuna.

Ga yadda zan taɓa wurin juyawar, don ki ji nauyin da nake nufi, ke kuma ki yi naki:

Iska ta ɗauke tun suna ganin rumfunan kasuwa a bayansu. Wata tsohuwa ta kwance lulluɓinta tana fifita da shi, ta ce, "Kai, yau ruwa ya yi mana kirki." Baba bai tanka ba. Leɓensa na motsi. Can cida ta yi gunji ƙasa-ƙasa kamar ana jan turmi a wani gida, leɓen ya tsaya.

"Yaro, sauke tampol."

"Baba, ai ruwa za a yi."

"Sauke."

Ya tura hannun injin, goshin jirgi ya bar saitin gida ya koma arewa kaɗan, inda gabas ta fi baƙi. Alhaji ne ya fara lura. Ya dafa buhu zai miƙe.

"Malam, ina za ka kai mu? Ba ka ga abin da ke gabanka ba? Juya mu koma!"

"Alhaji, zauna ƙasa."

"Na ce ka juya! Da iyali a jirgin nan!"

"Na san da su. Ni na ƙirga su. Zauna ƙasa, don girman Allah, ka riƙe yarinyar nan."

Aka sake walƙiya. Wannan karon bai kai rabin abin da ya ja ɗazu ba.

Kin ga bai yi musu bayani ba. Ba shi da lokaci, kuma irinsu ba su saba bayani ba. Idan kika sa shi ya tsaya yana karantar da fasinjoji yadda iska ke tara igiya, kin kashe shi. Abin da mai karatu ke buƙatar sani ki shuka shi tun a kasuwa, cikin hira da yaron jirgi, ko cikin tunawa da wani jirgi da aka tsinci allunansa a gaɓar yamma shekarun baya. Yaron yana da amfani ƙwarai: shi ne idon mai karatu, ya san kaɗan, bai san duka ba, yana iya tambaya a inda fasinja zai yi ihu kawai. Maganar mutane kuma ki bar ta gajera. A irin wannan hali salati ake yi da kiran sunan Allah, wata na kiran sunan ɗanta, wani ya yi shiru gaba ɗaya yana rungume da buhunsa.

Kada ki ja hadarin ya wuni. Mugunyar iskar ba ta cika wuce minti ashirin zuwa talatin ba. Ruwa mai ƙarfi ya biyo, kamar da bakin ƙwarya, har ba a ganin goshin jirgi daga baya, kuma abin mamaki shi ne saukarsa takan ɗan kwantar da kan igiyar. Daga nan sai yayyafi mai tsawo, awa ɗaya ko biyu, walƙiya na rarrafe a sama, cida ta koma yamma. A labarin ma haka ya kamata: shiri mai tsawo, duka gajere. Shafi huɗu na kallon gabas da jayayya, shafi ɗaya na iska, ya fi akasin haka tsoratarwa.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne sanyi. Mutanen da suka wuni suna zufa yanzu sun jiƙe sharkaf, iska na kaɗa su, haƙora na haɗuwa, jarirai sun yi shiru irin wanda ba a so. Dare ya yi. Suna bayan gungu cikin ciyawar burgu, an ɗaure jirgi a jikin wani itace, ashana ta jiƙe, waya babu sabis ko ta sha ruwa. A gida kuma an ga hadari, an ga jirgi bai iso ba, an fara taruwa a bakin mashigi da tocila. Mai jirgi mai hankali ba zai sake shiga ruwa cikin duhu da jirgin da ya sha duka ba, ko da mutane sun matsa, sai gari ya waye ya duba alluna.

Nan zan so ki tsaya da labarin, ba a kan gaɓa ana yi masa kirari ba. Da ni ne, zan bar babur ɗin Alhaji da buhu shida a ƙasan ruwa, an tura su lokacin da bakin jirgi ya fara sha, kuma Baba ne ya ce a tura. Mutum talatin suna nan da ransu. Alhaji yana zaune gefe, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa wa yarinyar da aka ce ya riƙe, bai yi wa Baba godiya ba, bai kuma yi maganar babur ba tukuna, kowa ya san za a yi ta gobe a gaban sarkin jirgi. Yaron ya gama yasar ruwa ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ce, "Baba, tun yaushe ka gani?" Shi kuma yana taɓa kuɗin buhu goman nan da ke jiƙe a aljihunsa, ya ce, "Tun azahar."